Ajiyar waken bana: buhun PICS ko ganga?

Zuwa ga 'yan ƙungiya, daga kwamitin rumbu.

Assalamu alaikum. A zaman da ya wuce kun ɗora mana mu duba inda za a zuba waken da muka tara, buhu 10 mai kilo 100, har zuwa Mayu da farashi kan ɗaga. Ga abin da muka gani.

Duka biyun aikinsu ɗaya: su toshe iska. Ƙwaron da ya biyo wake daga gona yakan cinye 'yar iskar da ta rage, sannan ya mutu, ba tare da an sa magani ba. Saboda haka duk wanda ya ɓule a cikinsu ya tashi aiki.

Gangar ƙarfe mai lita 200 tana cin wake kamar kilo 150, wato muna buƙatar guda 7. Ɓera ba ya iya mata komai, kuma in ba tsatsa ta ci ta ba, sai ta shekara da shekaru. Amma sai an cika ta har baki, don rabin ganga iska ce isasshiya ga ƙwaro, ga shi ta bakwai ɗinmu ba za ta cika ba. Murfin ma sai ya kama sosai. Yawancin na kasuwa sun taɓa ɗaukar mai ko sinadari, wanki kuwa ba kullum yake raba su da wari ba. Idan ta cika, mutum biyu ma da ƙyar suke motsa ta.

Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu ne masu kauri cikin buhun saƙa. Guda 10 sun ishe mu, kuɗinsu bai kama ƙafar na ganguna ba, kuma a haka za a loda su a mota. Rauninsa huji: ɓera, ƙusa, ko tsinken da aka bari cikin wake. Kafin a zuba, a cika kowace leda da iska a matse a ji ko tana fita. A ɗaure su ɗaya bayan ɗaya: a matse iska, a murɗe baki, a lanƙwasa, a ɗaure. Da kulawa yakan yi shekara 3. Kuma a hana mai saye soka masa ƙarfen ɗanɗano!

Ko wanne aka ɗauka, wake ya bushe har ya fashe ƙas a haƙori, ya huce a inuwa kafin a rufe, in ba haka ba zai yi gumi ya yi fumfuna.

Shawararmu: a sayi buhun PICS 12, biyu na ko-ta-kwana. Rumbunmu daɓen siminti ne, ƙofarsa ta ƙarfe, waken kuma na sayarwa ne. A jera su kan katako nesa da bango, a riƙa dubawa duk mako. Wanda ɓera ya addabi ɗakinsa, kuma yake da ganga mai tsabta, ya zuba irin shukarsa a cikinta.