Roƙon Ɗaga Ƙafa Kan Biyan Bashi

Unguwar Ƙofar Marusa,
Katsina.
9 ga Disamba, 2024.

Zuwa ga Manaja,
Sashen Ba da Rance,
Reshen Katsina.

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ɗaga mini ƙafa na wata uku a kan bashin da bankinku yake bi na, saboda na rasa aikina.

A watan Fabrairun bana na karɓi naira 600,000 domin rufin gidana, bisa yarjejeniyar zan riƙa biyan naira 42,000 duk ranar 25 ga wata, har wata 18. Daga Maris zuwa Nuwamba na biya sau tara, ban taɓa tsallake rana ba. Abin da ya rage a kaina naira 378,000 ne.

Shekara shida ina aikin ma'ajin sito a wani kamfanin casar shinkafa. Ranar 30 ga Nuwamba suka rufe ɓangarenmu suka sallame mu, ba don wani laifi ba, sai don kasuwa ta ƙi. Albashin nan shi ne abin da nake biyan ku da shi, da shi kuma nake riƙe da iyali, mu bakwai har da mahaifiyata. Na ga gara in zo da kaina tun kafin ranar biya, da a wayi gari ana nema na a waya ko a je ana ƙwanƙwasa ƙofar Alhaji Sabi'u, wanda ya tsaya mini. Dattijo ne, mutunci ya sa ya sa hannu, ba na so ya ji kunya saboda ni. Na riga na sanar da shi halin da ake ciki.

Roƙona shi ne a dakatar da cikakken biya na Disamba, Janairu da Fabrairu, kada kuma a ɗora mini tara ko a sa sunana cikin waɗanda suka ƙi biya. A waɗannan watanni zan riƙa kawo naira 10,000, iyakar abin da na tabbata ba zai gagare ni ba. Ranar 25 ga Maris 2025 zan koma biyan 42,000, ko da yake zai faɗo cikin azumi. Ƙarshen bashin sai ya koma Nuwamba maimakon Agusta.

Ba zaune nake ba. Na fara bin yayana kasuwar Charanchi muna sarin hatsi, na kai takardun neman aiki wuri biyu, kuma kamfanin ya yi alkawarin biyan haƙƙinmu na sallama a Fabrairu. Idan ya fito da wuri, ba zan jira Maris ba.

Na haɗo kwafin takardar sallama da bayanin asusuna na wata shida. Idan ɗagawar za ta ƙara wani abu a kan jimillar bashin, don Allah a rubuto mini adadin kafin in sa hannu. Ina fatan samun amsa kafin 25 ga wannan wata.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Naka,
Lawal Abdu Ƙofar Marusa