Ƙulli Na Sha Uku

Gajeren labari, aikin aji biyu na ƙaramar sakandare

Igiyar gugan gidanmu tana da ƙulli a kowace gaba. Kaka ce ta ɗaura su tun kafin a haife ni, wai don hannu ya sami abin riƙewa. A da, ƙulli tara kake saki ka ji guga ya ce tamɓal a cikin ruwa. Shekarar da nake ba ku labarinta damina ta ɗauke da wuri, kuma tun hunturu bai wuce ba muka koma sakin sha ɗaya.

Wata asuba na saki sha biyu, na jawo guga rabi ruwa rabi taɓo. Na ruga gida na gaya wa Kaka.

"Ke dai kin cika ƙirga," in ji ta. Amma ta ajiye carbinta ta bi ni bakin rijiya. Ta daɗe tana leƙawa, sannan ta ce, "Idonta bai mutu ba. Gajiya ta yi. Rijiya ba randa ba ce da ake cika ta daga sama, ruwan da ƙasa ta sha da damina ne yake tsattsafowa ta gefenta a hankali. In kun riga shi sauri, taɓo za ku tarar."

Da la'asar Mai Gari ya tara mutane a gindin tsamiya. Kawu Sale, wanda ya fi kowa shanu, shi ya fara magana.

"Ranka ya daɗe, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A kira masu yasa su ƙara mata gaba uku, a huta."

Tsohon da yake mana yasa ya girgiza kai. Ya ce bara da ya shiga, dutse ya tarar a ƙasan, diga ba ta kama shi. Wani ya ce a rubuta takarda a roƙi rijiyar burtsatse. Mai Gari ya ce an rubuta tun bara, kuma ko yau aka amsa, ba za ta iso kafin bazara ta wuce ba. Daga nan taro ya rikice. Mata suka ce shanu ne suke shanye ruwan, masu shanu suka ce wanki ne, kowa dai yana nuna maƙwabcinsa. Baba bai ce uffan ba, don shi tubali yake bugawa a bayan gari, kuma ya san abin da kwaɓin ƙasa yake ci.

Malaminmu na lissafi ne ya ɗaga hannu. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, muna ta musu a kan abin da ba wanda ya ƙirga. A ba ni mako biyu da yaran ajina."

Aikin ba shi da wuya. Muka ajiye ƙwarya a bakin rijiya, duk wanda ya cika jarka sai mu jefa tsakuwa ɗaya. Ni kuma kullum da asuba, kafin kowa ya zura guga, ina saukar da igiyar Kaka in duba ƙullin da ya tsaya a bakin rijiya lokacin da guga ya taɓa ruwa. Makon farko tsakuwa tana kai 280 a rana, ruwa kuma kowace safiya ya ɗan ƙara yin ƙasa. A mako na biyu malam ya roƙi a daina ɗiba da zarar tsakuwa ta kai 200. An yi gunaguni sosai. Amma kwana huɗu a jere igiyata tana tsayawa wuri ɗaya, ɗan taki kaɗan kafin ƙulli na sha uku.

Da aka koma gindin tsamiya, malam ya zube tsakuwar a kan tabarma, tsibi biyu, babba da ƙarami. Ya nuna babban ya ce wannan ne abin da rijiya take iya mayarwa a yini da kwana. Ƙaramin kuma, guda 80, bashi ne muke ci a wurinta kullum.

Mutanen garinmu 300 ne. Aka raba: jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane mutum biyu, ya zama 150. Sauran 50 na awaki da tumaki da jakuna ne, da gidan da aka yi haihuwa ko ake jinya. Za a sa wa rijiya murfi, a buɗe da asuba, a rufe da hantsi ya dubi ludayi, sai kuma gobe. Shanu za a riƙa kora su tafkin da ke gabas, tafiyar awa biyu.

Kawu Sale ya miƙe a fusace. "Wato rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana!"

Kaka, da ke zaune can bayan mata, ta ce, "Sale, wannan karon gugan ne ya yi mata yawa."

Aka yi dariya, ban da shi. Sai ga Baba ya tashi, ya cire hularsa ya mayar. Ya ce shi kaɗai jarka 30 yake kwaɓawa a rana, kuma daga yau ya ajiye aikin tubali sai ruwa ya sauka. Na san ɗakin da ya yi wa yayana alkawari ke nan ya tafi. Kawu Sale ya dube shi, ya koma ya zauna. Washegari tun da duhu na ji kukan shanunsa sun nufi gabas.

Mu takwas ne a gida, jarka huɗu ke nan. Inna ta zama kamar alƙali a kan randa. Wanka da buta ɗaya da rabi, a tsaye cikin babban baho, ruwan da ya taru a yayyafa wa tsakar gida. Ruwan ɗaurayar kwanuka na bishiyar lemo ne, wadda muka lulluɓe gindinta da busasshiyar ciyawa don kada rana ta tsotse danshin. Wanki ranar Asabar kawai, a fara da farare a ƙare da baƙaƙe cikin ruwa ɗaya. Ruwan sha kuwa ba a taɓa shi, kuma ba a hana kowa wanke hannu, don Inna ta ce gara riga ta yi dauɗa da ciki ya ɓaci. Ƙanina ya fi kowa murna da dokar wankan, wannan kam ba sai an faɗa ba.

Ba kowa ne ya riƙe amana ba. Wata safiya na tarar da igiyata ta wuce ƙulli na sha uku da ɗan yatsa biyu, ga kuma sawun jaki a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mai Gari bai nemi mai jakin ba. Ya dai sa aka rage wa kowane gida kwano ɗaya a ranar, ya kuma faɗi dalili a bainar jama'a. Ba a sake ganin sawun ba.

Haka muka ci bazara. Garuruwa biyu na kusa rijiyoyinsu suka ƙafe ƙurmus, matansu suka fara zuwa da tuluna a ka. Aka sake zama, aka yi ta jayayya har magariba, daga ƙarshe aka cire jarka 15 daga rabon dabbobi aka ba su.

Ruwan farko ya sauka da daddare. Muka jera duk wani baho da bokiti a ƙarƙashin indararo. Da asuba na ruga da igiya, zuciyata tana bugawa, na zura. Ƙulli na sha uku, daidai inda yake jiya.

Na dawo ina hawaye. Kaka ta ce, "Haba jikalle, ruwan da ya sauka jiya ko gwiwar ƙasa bai kai ba. Ba shi makonni, yana hanya."

Da hantsi aka mayar da murfi kamar kullum. Na kwashe tsakuwar cikin ƙwarya na ƙirga, 140 kawai, don yawancin gidaje sun cika randunansu daga indararo. Na rubuta a littafin malam, na naɗe igiya na rataye ta a ƙusa.