Yadda za ki ciro babi na 7 kawai, datarki ba ta ƙare ba

Salamu alaikum ƙanwata. Na ga saƙonki, kina tambayar yadda za ki ciro babi na 7 kawai daga littafinku na PDF mai megabait 190. Kada ki kuskura ki ɗora littafin nan a shafukan intanet masu yanka PDF. Sai sun karɓi littafin gaba ɗaya kafin su yanka miki, wato megabait 190 ɗin nan duk daga datarki za su fita, sannan ki sake biyan na sauko da babin. Wayarki za ta iya aikin ko da data a kashe.

Tunda littafin na wajen ƙawarki, ku haɗu ta tura miki ta Xender ko Quick Share, ba ya cin ko kwabo. In ba hali, ita ta yi abin da zan faɗa a tata wayar, ta aiko miki da babin kaɗai.

Abu na farko, kuma a nan mutane ke tafka kuskure: lambar da aka buga a ƙasan shafi daban, lambar da waya ke ƙirgawa daban. Waya tana farawa ne tun daga bango, har da sadaukarwa da gabatarwa. A littafinku babin ya fara a shafi na 213 ya ƙare a 248, amma da na buɗe nawa, wayar ta nuna 231 zuwa 266. Shafi 18 ke nan a tsakani. Don haka ki je farkon babin da ƙarshensa, ki rubuta lambobin da ke fitowa a gefen allo, ba na jikin takarda ba. Ni ma na taɓa tura wa 'yan ajinmu rabin wani babi daban, na sha tsiya ranar.

To, ki buɗe littafin da Drive PDF Viewer, ki taɓa ɗigo ukun nan na sama, ki zaɓi Print. Kada sunan ya ruɗe ki, ba firinta za ki nema ba. A can sama ki zaɓi Save as PDF, ki taɓa 'yar kibiyar da ke ƙasa, a wajen Pages ki sauya All zuwa Range, ki rubuta:

```
231-266
```

Ki ɗan yi haƙuri, littafi mai shafi 640 yakan sa waya ta yi nauyi. Idan shafukan sun bayyana, ki danna maɓallin PDF, ki sa masa suna, ki adana a Downloads.

Nawa ya fito megabait 12, saboda littafin hotunan shafuka ne. Ki buɗe ki duba shafin farko da na ƙarshe kafin ki tura wa kowa, kuma a WhatsApp ki tura shi ta Document.

Ki gaida Umma, ki ce mata ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya so.