Takardar darasi: fanel mai waiwayen bara, da dalilin da kafaffen tasiri kaɗai ke ba da amsa karkatacciya

Ɗalibai, wannan takarda ta masu rubutun kammala digiri na biyu ce a nan Maraɗi, musamman waɗanda bayanansu ke da gidaje masu yawa amma shekaru kaɗan.

A ce muna bin gidaje 400 a Dakoro, Mayahi da Tasawa tsawon shekara 5, muna ƙirga jajayen awakin kowane gida. Garken bana daga na bara yake fitowa, don haka:

```
y_it = ρ·y_i,t-1 + β·x_it + α_i + v_it
```

y_it shi ne yawan awakin gida i a shekara t, x_it kuma sauran abubuwan da muka auna. α_i shi ne abin da gidan ya keɓanta da shi kuma ba ya sauyawa, kamar kusanci da rijiya ko iya kiwon uwargida. v_it kuwa tsautsayi ne ko sa'ar shekara guda: cuta, sata, haihuwar tagwaye. Abin da muke nema shi ne ρ, wato yadda asarar bara ke bin gida zuwa bana.

OLS ba ta ɗaukar lokacinmu. Garken bara yana ɗauke da α_i a cikinsa, sai ta haɗa ƙwazon gida da tasirin bara, ρ ya fito sama da gaskiya.

Kafaffen tasiri yana cire wa kowane gida matsakaicinsa, α_i ya ɓace. A nan ne da yawa daga cikinku ke ajiye alƙalami, alhali a nan matsalar ta soma. Ku ɗauka cuta ta shiga garken wani gida a shekara ta 3. Garken ya ragu a wannan shekara da masu bin ta, ya ja matsakaicin gidan ƙasa. Da aka cire matsakaicin, garken shekara ta 2 sai ya zama kamar babba ne fiye da kima, kuma shi ne ke zaune a layi ɗaya da mummunan v na shekara ta 3. Lissafi ya ga babban garke bara, faɗuwa bana, ya ɗauka garke ba ya riƙe girmansa. Ta ɗaya gefen ma haka ne: matsakaicin v da aka cire yana ƙunshe da v na bara, wanda ke cikin garken bara. Duka hanyoyin biyu ƙasa suke jan ρ.

Stephen Nickell ne ya auna girman karkatar a mujallar Econometrica a 1981. Idan T, wato adadin shekarun da suka shiga lissafi ban da ta farko wadda ba ta da bara, na da ɗan yawa, ta kusan:

```
-(1 + ρ) / (T - 1)
```

Ku duba da kyau, babu N, wato adadin gidaje, a ciki. Ko kun ƙara gidajen sun kai 40,000, karkatar tana nan, sai dai kuskuren ya zo muku da ƙaramin tangarɗar awo, ku ƙara yarda da shi. Da cikakken lissafin Nickell, idan ainihin ρ 0.5 ne, T = 5 zai ba ku kusan 0.17, T = 10 kusan 0.34, T = 30 kusan 0.45. Mai 0.17 zai rubuta cewa gidaje na farfaɗowa da wuri bayan asara, wani kuma ya karanta ya ce tallafin sake garke ba dole ba ne. β ma ba ta tsira ba matuƙar x na da alaƙa da garken bara.

Anderson da Hsiao, a 1981, sun ce a ɗebe na bara daga na bana don kawar da α_i, sannan a yi amfani da y na shekarar da ta gabaci bara a matsayin insturuman, tunda ya riga v na bara faruwa. Arellano da Bond a 1991 sun tattara duk tsofaffin shekarun cikin GMM. Amma idan ρ ya kusanci 1, kuma dukiya irin garke takan yi haka, tsohon adadi ba ya faɗin komai sosai game da sauyin yanzu, insturuman ya yi rauni. Shi ya sa Arellano da Bover a 1995, da Blundell da Bond a 1998, suka ƙara lissafin asalin adadi a kan na bambanci, da sharaɗin cewa sauyin farko ba shi da alaƙa da α_i. Wannan sharaɗi ba kyauta ba ne. Ga gidan da bai daɗe da fara kiwo ba, ni ina shakkarsa.

```stata
ssc install xtabond2
xtset gida shekara
xtreg awaki L.awaki i.shekara, fe
xtabond2 awaki L.awaki i.shekara, gmm(L.awaki, collapse) iv(i.shekara) twostep robust
```

A teburinku ina son ganin OLS da kafaffen tasiri gefe da gefe da GMM, domin ρ mai ma'ana tsakanin na farkon biyu ya kamata ya faɗa. Ku nuna gwajin AR(2), wanda idan ya nuna alaƙa insturuman ɗinku sun lalace, da gwajin Hansen, da adadin insturuman. Hansen da ya fito 1.000 alama ce ta cewa sun yi yawa.

Aikin mako mai zuwa: ku ƙirƙiri bayanai a na'ura da ρ = 0.5 da N = 400, ku gwada T = 5, 10 da 30, ku kawo abin da `xtreg, fe` ta bayar. Sannan ku ninka N sau goma ku sake.