Bayanin hoton ƙirjin mai jegon da ke gado na 7, ɗakin mata

Likita, barka da aiki. Na duba hoton matar nan mai shekara 27 da aka kawo daga Unguwar Rogo, nan Jos, wadda ta haihu makonni shida da suka wuce, take haki in ta kwanta, ƙafafu kuma sun kumbura.

An rubuta PA a jikin hoton, a tsaye aka ɗauke ta, kuma ta ja numfashi sosai, don na ƙirga haƙarƙari shida ta gaba. Saboda haka awon zai yi amfani. Da AP ne, irin wanda ake ɗauka a kan gado, da ban ɗora rula ba, domin yakan ƙara wa zuciya girma.

Faɗin zuciyar, inda ta fi faɗi, santimita 16.5 ne. Faɗin cikin ƙirji daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari kuwa 27. In ka raba, 0.61 ke nan, ya zarce 0.5 da ake bi ga babba. Zuciyar ta buɗe ta kowane ɓangare.

Huhun ne ya fi ɗaukar hankalina. Jijiyoyin jinin sama sun fi na ƙasa kauri, alhali a mai lafiya da ke tsaye na ƙasa ke rinjaye. Matsin jini ke nan ya hau a hagun zuciya, yana komawa huhu. Sannan ka matso da ido can ƙasa, gefen haƙarƙari: akwai siraran layuka a kwance, ba su wuce santimita 1 zuwa 2 ba, suna taɓa bangon ƙirji. Su ne layukan Kerley B, alamar ruwa ya shiga tsakanin naman huhu. Masu sauri sukan tsallake su. Kusurwar ƙasa ta dama ta dushe, kuma sai ruwa ya kai wajen mililita 200 kafin ya nuna haka a hoton PA. Farin hazon nan mai kama da fikafikan jemage bai bayyana a tsakiya ba tukuna.

A ganina wannan ya dace da gazawar zuciya mai cunkoson huhu, kuma tunda mai jego ce, raunin tsokar zuciya na bayan haihuwa ne farkon abin zargi. Sai dai hoto inuwa kawai yake nunawa. Ruwa a jakar zuciya, wanda tibi kan kawo a nan, shi ma haka yake faɗaɗa ta. Don Allah a yi mata eko yau, a auna hawan jini da yawan jininta, a kuma tambaye ta batun kunun kanwa.

In an ba ta maganin fitar da ruwa ta ji sauƙi, kada ka yi gaggawar sake hoto gobe, domin hoton yakan makara bayan jiki ya samu sauƙi.