Irin Na Wancan Karon

Saura kwana tara a koma makaranta, tela ya zo rumfar mai yadi da ƙyalle a hannu. Wata makaranta ta ba shi ɗinkin kayan ɗalibai, yana neman shuɗin yadi mai kauri, bandir ashirin. Mai yadi ya murza ƙyallen tsakanin yatsunsa, ya gane shi. Shi ne wanda ya sayar bara a daidai wannan lokaci.

"Nan da jibi yana hannunka, in sha Allah," in ji shi.

Kasuwa ta cika a lokacin. Wata mata na taya leshi, yaron shago na neman almakashi, janareton maƙwabci na ta ruri. Mai yadi ya danna wayarsa, ya kai ta bakinsa, ya aika wa dilansa saƙon murya: "Alhaji, barka da kasuwa. Na yaran nan za ka turo min, irin na wancan karon, guda ashirin. A sa a motar gobe." Daƙiƙa goma sha ɗaya ke nan. Alhaji ya amsa da "To, an gama," mai yadi ya tura kuɗi ya koma kan mai leshi.

Shekara bakwai suna ciniki, ba su taɓa rubuta wa juna komai ba ban da lissafi. Yarda ce ta kai su haka, kuma ba ta taɓa ba su kunya ba.

Ranar da motar ta iso, ɗan dako ya turo dila biyu a kura, ya sauke a bakin rumfa. Tela ya riga ya zo, yana zaune a benci da tef a wuya. Yaron shago ya sa reza ya yanke igiya, ya farke buhun. Sai ga yadi mai furanni, ja da ruwan hoda, mai santsi, irin wanda ake ɗinka wa 'yan mata ƙanana riguna. Ya zaro na biyu, ya zaro na uku. Duk haka suke.

"Maigida," ya ce a hankali, "anya namu ne?"

Sunan mai yadi ne a jikin buhun, da lambar rumfarsa. Ya kira Alhaji, muryarsa na rawa.

"Alhaji, me ka turo min haka? Shuɗi na ce, na makaranta!"

"Subhanallahi. Malam, ba ka ce shuɗi ba. Na yara ka ce, irin na wancan karon. Wancan karon kuwa mai furanni ka ɗauka, wata biyu da suka wuce. Ga littafi a gabana."

"Na bara nake nufi!"

"To ai ban san bara kake nufi ba. Saurari saƙon, don Allah."

Ya kashe wayar ransa a ɓace. Ya so ya ƙi saurara, don ya tabbata abin da ke cikinsa shi ya fito daga bakinsa. Amma idon tela na kansa. Ya danna. Muryarsa ta fito cikin rurin janareto, tana sauri kamar ana korar ta. Ya jira ya ji "shuɗi", ya jira ya ji "makaranta". Saƙon ya ƙare babu ko ɗaya. Ya sake kunnawa, ya kara a kunne. Ƙyallen da yake kallo sa'ad da yake magana, shi kaɗai ya gan shi.

Tela ya miƙe, ya naɗe tef ɗinsa. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Malam, ina da yara huɗu a kan keke suna jiran yanka. Kwana bakwai ya rage min."

"Ba ni zuwa jibi. Kuɗin motar a wuyana."

Tela ya yi shiru yana lissafi. "Zan nemi bandir biyar a layin baya in fara da shi. Sha biyar ɗin zan jira ka. In jibi ta wuce, kada ka ga laifina."

Da ya tafi, mai yadi ya sake kiran Alhaji, ya ba shi haƙuri kan ɗaga murya. Alhaji ya ce shi ma da ya tambaya da ba a kai nan ba. Ya yarda a mayar masa da kayan, ban da bandir ɗaya da yaro ya riga ya warware ya taɓa ƙasa. Kuɗin mota zuwa da dawowa, da na dako, duk suka hau kan mai yadi. Ribar cinikin ta tafi tun bai fara ba.

Ya ɗauki ƙyallen telan ya fita bakin rumfa inda rana take, ya shimfiɗa shi a tafin hannu, ya ɗauki hoto. Ya rubuta a ƙasa: shuɗi mai kauri, na kayan makaranta, bandir 15. Ya karanta sau biyu kafin ya tura. Sannan ya tsuguna, shi da yaron suka kama igiya suna sake ɗaure dila.