Takardar darasi: gane kayan ciki a hoton siti sikan daidai ƙoda

Ga ɗaliban aji uku, rukunin ranar Talata. Ku karanta wannan takarda kafin mu haɗu a ɗakin duba hotuna da ƙarfe goma, kuma kowa ya buɗe hoto na 38 cikin jerin da na ɗora muku. Na wani magidanci ne ɗan shekara 46, an ɗauka kimanin daƙiƙa 70 bayan allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, an kuma cire sunansa. Ku saita allo a W 400, L 40, wato faɗin tagar launi da tsakiyarta, yadda kitse da tsoka za su rabu sosai.

Na san idonku zai fara faɗawa kan ƙodar, don ita ce ta fi haske. Ku yi haƙuri da ita tukuna. Ku fara neman harafin R, mai nuna damar mara lafiya, a gefen allo. Mara lafiya yana kwance rigingine, ku kuma kamar kun zo dubiya ne kun tsaya ta wajen ƙafafunsa kuna kallon kansa. Saboda haka damarsa tana hagunku, cikinsa yana sama, bayansa yana ƙasa. Bara sai da kusan rabin aji suka kira hanta saifa, ba don ba su yi karatu ba, don sun tsallake wannan harafi ɗaya.

Launi kuwa nauyin abu yake nunawa, da ma'aunin HU, wanda aka sa wa sunan Godfrey Hounsfield, injiniyan Birtaniya da ya raba kyautar Nobel ta 1979 da Allan Cormack. Ruwa 0 ne, iska −1000 baƙi ƙirin, kitse wajen −100 baƙi-baƙi, tsoka da hanta toka-toka, ƙashi fari fat.

Daga nan sai ƙashin baya, a ƙasa ta tsakiya. Ƙoda tana shimfiɗe ne daga gaɓar ƙashin baya ta T12 zuwa ta L3, ƙofarta kuma, inda jijiyoyi ke shiga da fita, tana wajen L1 zuwa L2, nan ne aka yanka hotonmu. Tsokoki biyu da ke manne da ƙashin ta gefe su ne sowas. A nan sirara ne, suna ƙara kauri in kun gangara.

Yanzu jijiyoyi, kuma a nan nake so ku daɗe. Gaban ƙashin, ɗan karkace zuwa hagun mara lafiya, akwai da'ira zagayayya tsaf: awota ce, babbar jijiyar da ke kawo jini daga zuciya. Ku auna faɗinta. In ta kai santimita 3, ta buɗe fiye da ƙima, dole a rubuta. Ta damarta akwai babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, wadda a rahoto za ku ga an rubuta IVC. Ita ba ta cika zagaye ba, bangonta siriri ne, numfashi ma yana sauya kamarta, kuma in jini ko ruwa ya yi ƙaranci a jiki sai ta lotse. A hotonmu cikinta ya yi dabbare-dabbare. Kada wani ya ce mini gudan jini ne. Jinin da ya dawo daga ƙoda ɗauke da ruwan allura ne ya haɗu da na ƙafafu wanda bai ɗauko ba tukuna, ba su gama gaurayuwa ba.

Gaban awota akwai ƙaramar da'ira mai haske da zoben kitse ya kewaye, ita ce SMA, mai kai jini ga hanji. Ta damarta akwai SMV, mai dawo da jini daga hanji, wadda ta fi ta faɗi. Tsakanin awota da SMA ku nemo wata jijiya da ta gitta kwance, daga ƙodar hagu zuwa IVC. Ita ce ke mayar da jinin ƙodar hagu, kuma ta fi ta dama tsawo saboda nisan tafiyar. Ni dai in na gan ta, na san a ina nake cikin cikin mutum ko da ba a rubuta mini komai ba. Jijiyar da ke kai jini ƙodar dama kuwa ta bayan IVC take bi.

To, yanzu ku dubi ƙodar. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauta a abbatuwar Fagge ya san ƙoda a naɗe take cikin kitse. Haka ta mutum, kuma wannan kitse ne ya zana mana iyakarta da baƙi. Shi ya sa hoton mai jiki ya fi na ramamme sauƙin karantawa. Kowace ƙoda a nan ta yi kama da kofaton doki, bakinta na kallon gaba da tsakiya. A ƙofar, daga gaba zuwa baya, jijiyar fitar da jini ce farko, sai mai shigar da shi, sai mazurarin fitsari. A daƙiƙa 70 ɓawon ƙoda ya fi cikinta haske, wajen daƙiƙa 100 sai su daidaita, bayan minti 5 zuwa 10 kuma mazurarin ya cika fari. Ƙodar dama ta ɗan fi ta hagu sauka saboda hanta ta danne ta, don haka kada ku yi mamaki in yanki ɗaya ya nuna ƙofar hagu amma ta dama sai kun ƙara gangarawa. Tsawon ƙodar babba santimita 10 zuwa 12 ne, amma ba a wannan yanki ake auna shi ba.

Maƙwabtan ƙodar dama ba su da wuya. Hanta tana gefe da gaba, sumul. Matsarmama tana ƙarƙashinta, ta fi ta duhu don ruwa ne a ciki. Gaban ƙofar ƙodar akwai kashi na biyu na diyodinam, wato farkon ƙaramin hanji, ya rungumi kan fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, kan kuma yana jingine da SMV. Wurin nan yana ruɗarwa, domin hanjin da babu iska ko ruwan sha mai haske a cikinsa kan yi kama da ƙari. Maganinsa shi ne ku murza sama da ƙasa: hanji bututu ne, zai ci gaba, ƙari kuwa zai ƙare.

Ta hagu, ƙaramin hanji yana gaba da 'yan naɗe-naɗensa kamar gashin tsuntsu, babban hanji mai gangarowa yana gefen ƙodar da ɗigon iska gauraye da bayan gida. Saifa a wannan mataki ko dai ƙarshenta kawai za ku gani ko babu. In kun same ta cike da gefen har ƙasan ƙoda, ku auna, wataƙila ta kumbura. In kuma kun hau sama kun neme ta sai ɗan ƙanƙanin abu mai fari-fari, ku duba fayil. A Kano muna ganin masu sikila da yawa, kuma saifar babba mai wannan ciwo takan tsuke tun yana yaro.

Ranar Talata kowa zai zo da zanen wannan yanki da fensir, ya sa sunan abu goma sha biyu, da R a inda ya dace. Sannan ku hau sama yanki-yanki har ƙodar dama ta ɓace, ku rubuta mini lambar hoton da kuka fara ganin wani siririn abu mai rassa biyu a bayan IVC, da sunansa.